Yadda ƙwayoyin sel ke sanin gurbinsu a jikin ɗan tayi

Kowane ɗan tayi, na mutum ko na kaza ko na ƙuda, daga sel guda ɗaya yake farawa, wato ƙwan da aka barbara. Sel ɗin ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai, kuma duk wanda ya fito yana ɗauke da kundin gado iri ɗaya da na sauran. Duk da haka wasu sukan zama ƙashi, wasu fata, wasu jijiya, kowanne a gurbin da ya dace. Babban yatsa ba ya fitowa a inda ƙarami ya kamata ya kasance. Tambayar da ta daɗe tana gaban masana ita ce: tun da littafin umarnin ɗaya ne a hannun kowa, me yake gaya wa sel inda yake, har ya san sashen umarnin da zai bi?

Amsar da bincike ya kai a kanta tana da ɓangare biyu. Akwai saƙon da ke tafiya nesa, wanda ƙarfinsa ke raguwa yayin da yake nisa da tushensa. Akwai kuma saƙon da maƙwabci ke miƙa wa maƙwabcinsa. Dukansu sinadarai ne, akasari furotin, kuma aikinsu shi ne kunna wasu ƙwayoyin gado a cikin sel da kashe wasu.

Gangaren sinadari

A 1952 masanin lissafi Alan Turing ya kira irin wannan sinadari mai tsara siffa da sunan mofojin. A 1969 Lewis Wolpert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aikinsa a Landan, ya fayyace yadda abu guda zai iya tsara wuri mai faɗi. A ɗauka akwai jerin ƙwayoyin sel, kuma waɗanda ke gefe ɗaya suna fitar da mofojin. Sinadarin yana yaɗuwa, yana kuma lalacewa a hanya, don haka yana da yawa kusa da tushe, yana ƙaranci a nesa. Wannan raguwar a hankali ita ce gangare. Lamarin ya yi kama da turaren wuta da aka kunna a kusurwar ɗaki: wanda aka rufe wa ido zai iya kintatar nisansa da kaskon daga ƙarfin ƙamshin kaɗai.

Abin da Wolpert ya ƙara shi ne mizani. Idan sel ya ji sinadarin ya wuce wani babban mizani, sai ya ɗauki makoma ta farko. Idan yana tsakanin babban mizani da ƙarami, sai ya ɗauki ta biyu. Idan bai kai ƙaramin ba, sai ta uku. Ya ba da misali da tutar Faransa mai launi uku a jere, shuɗi da fari da ja: sinadari ɗaya da mizani biyu sun isa su raba fili gida uku. Ba sai wani sel ya san fasalin jiki gaba ɗaya ba. Abin da yake bukata kawai shi ne ya auna abin da ya iso gare shi.

Shekaru kusan ashirin wannan ya kasance hasashe, domin babu wanda ya ga mofojin da idonsa. A 1988 Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard, a birnin Tübingen na Jamus, suka nuna na farko a cikin ƙwan ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Tsawon ƙwan kusan rabin milimita ne. Tun kafin ta saka shi, uwar takan ajiye umarnin yin wani furotin mai suna bikoyid a ƙarshen da zai zama kai. Daga nan furotin ɗin ke yaɗuwa zuwa baya, kuma a wannan matakin babu bango tsakanin cibiyoyin sel, don haka tafiyar tana da sauƙi.

An auna gangaren. A duk kashi ɗaya cikin biyar na tsawon ƙwan, yawan bikoyid yakan sauka zuwa kusan sulusin abin da yake a baya. Idan aka ce 100 ne a goshi, bayan zango ɗaya ya koma kusan 37, bayan biyu 14, bayan uku 5, bayan huɗu 2. Wata ƙwayar gado da ake kira hancibak tana kunnuwa a rabin gaba, inda bikoyid ya wadata, ta yi shiru a rabin baya. Ƙwan da uwarsa ba ta sa masa bikoyid ba yana rasa kai da ƙirji, a gurbinsu sai wani sashen wutsiya ya sake fitowa. Idan kuma aka ƙara wa uwar kwafin wannan ƙwayar gado, har furotin ɗin ya ninka, iyakar kai takan matsa baya. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne hujja mafi ƙarfi, domin ya nuna yawan sinadarin ne ke tsayar da iyaka, ba kasancewarsa kawai ba. Sai dai matsawar ba ta kai yadda lissafin mizani zalla ya hango ba, alamar cewa akwai wasu hannuwa a cikin aikin. Nüsslein-Volhard ta samu kyautar Nobel a 1995 tare da Eric Wieschaus da Edward Lewis saboda binciken ƙwayoyin gadon da ke tsara jikin wannan ƙuda.

Fiffiken kaza

A dabbobi masu ƙashin baya, inda kowane sel yake da bangonsa, babu misalin da ya fi fiffiken kaza bayyana lamarin. Dalilin zaɓen kaza mai sauƙi ne: ana iya huda taga a ɓawon ƙwai, a yi wa ɗan tayin aiki da siririyar allura, a rufe tagar, a mayar da ƙwan ɗumi, a duba sakamako bayan kwanaki.

Kwanci kwana 21 ne. Wajen kwana na uku wani ɗan toho mai faɗin kusan milimita ɗaya yakan ɓullo a gefen jiki. A cikinsa babu ƙashi, babu alamar yatsa, sai taron ƙwayoyin sel masu kama da juna da fata ta lulluɓe. Daga wannan toho fiffike zai fito da yatsu uku masu siffa daban-daban. A nan za a kira su 1 da 2 da 3, farawa daga gaba, wato ɓangaren da ya yi daidai da babban yatsan mutum.

A 1968 John Saunders da Mary Gasseling suka yanko ɗan guntun nama daga gefen baya na tohon wani ɗan tayi, suka dasa shi a gefen gaba na tohon wani. Fiffiken da ya fito yana da yatsu shida a jere kamar hoto da madubinsa: 3, 2, 1, 1, 2, 3. Abu muhimmi shi ne ƙarin yatsun galibi daga naman mai masauki suka fito. Dashen bai zama yatsu ba, umarni ya bayar. Kusa da shi yatsa na 3 ya fito, gaba kaɗan na 2, can tsakiya inda saƙon ya fi rauni na 1. Toho ɗaya ya samu tushe biyu, sai gangare biyu suka fuskanci juna.

Idan bayanin gangare gaskiya ne, rage ƙarfin tushen ya kamata ya canza irin yatsan da zai fito. Cheryll Tickle ta gwada haka a 1981 ta hanyar dasa ƙwayoyin sel ƙidayayyu. Da ta dasa kaɗan, ƙarin yatsa na 1 kawai aka samu. Da ta ƙara yawansu, na 2 ya bayyana. Na 3 bai fito ba sai da dashen ya yi yawa. Wani gwajin kuma ya nuna lokaci ma yana da nasa rabo: idan aka cire dashen da wuri, yatsan gaba kawai ake samu, na baya yana bukatar saƙon ya daɗe yana zuwa.

Sai a 1993 aka gano sinadarin, a ɗakin binciken Cliff Tabin da ke jami'ar Harvard. Furotin ne da ake kira Sonik Hejhog, a taƙaice Shh. Ƙwayoyin sel na gefen baya ne kaɗai ke yin sa a cikin tohon. Da aka sa wasu ƙwayoyin sel na daban su riƙa fitar da shi, aka dasa su a gaba, sai aka samu yatsun madubi kamar na 1968.

Yadda sel ke karanta saƙon yana da matakai, amma a bi su a hankali. A fatar sel akwai wani furotin mai karɓa, Facid, wanda aikinsa kullum shi ne danne wani furotin mai suna Sumudind. Muddin Sumudind yana danne, sel yakan yanke wani furotin na ciki, Gili3, ya mai da shi mai hanawa, wanda ke shiga cibiyar sel ya rufe ƙwayoyin gadon da ke ba da siffar baya. Da zarar Shh ya kama Facid, dannewar ta saki, Sumudind ya motsa, yankan ya ragu. Saboda haka a gefen baya mai hanawa kaɗan ne, a gefen gaba yana da yawa. Gangaren da ke wajen sel ya haifi wani gangare a cikinsa, mai fuskantar akasi. Akwai kuma wata dabara: Shh yana sa sel ya ƙara yin Facid, shi kuma Facid yana kama Shh ya hana shi wucewa. Ta haka masu karɓar saƙon suke taƙaita nisan tafiyarsa da kansu.

Tushe biyu masu riƙe juna

Shh ba shi kaɗai yake aiki ba. A bakin tohon akwai wani siririn tudu na fata. Tun a 1948 Saunders ya nuna cewa idan aka cire tudun, girma yana tsayawa. In an cire shi da wuri, ƙashin dantse kawai ake samu. In an jinkirta, ana samun har gaban gwiwa amma babu yatsu. A farkon shekarun 1990 aka tabbatar cewa tudun yana fitar da furotin na dangin FGF, domin ɗan ƙwallo da aka jiƙa da FGF yana iya maye gurbinsa.

Tushen nan biyu suna raya juna. FGF daga tudu yana sa gefen baya ya ci gaba da yin Shh. Shi kuma Shh yana sa naman tsakiya ya yi wani furotin mai suna Giramlin, wanda ke tare BMP, sinadarin da in an bar shi zai rushe tudun. In ɗaya ya yanke, ɗayan ma ya mutu. Wannan zagaye ne ke ɗaure girma da tsari wuri guda, ta yadda fiffike ba zai yi tsawo ba tare da an raba masa yatsu ba. Yayin da tohon ya girma, zagayen yakan tsinke da kansa, girman kuma ya tsaya.

BMP yana sake dawowa daga baya da wani aiki. Yatsu sukan fara ne a manne cikin faifan nama guda, sai BMP ya umarci ƙwayoyin sel da ke tsakaninsu su mutu. A ƙafar kaza hakan na faruwa, yatsun su rabu. A ƙafar agwagwa Giramlin yana nan a tsakanin yatsun yana tare umarnin, sai fatar ninƙaya ta tsira. Sinadaran iri ɗaya ne a tsuntsayen biyu. Wuri da lokacin kunna su ne suka bambanta.

Saƙon maƙwabta

Gangare yana iya raba fili zuwa manyan yankuna, amma ba ya iya zaɓen sel ɗaya daga cikin goma da ke zaune wuri ɗaya, domin duk suna jin sinadarin daidai. Wannan aikin na saƙon taɓawa ne. Mafi shahara shi ne na furotin biyu, Delta da Noci, waɗanda ke manne a fatar sel, ba sa yawo. Idan Delta na wani sel ya taɓa Noci na maƙwabcinsa, sai a yanke wutsiyar Noci ta ciki, ta shiga cibiyar sel, ta hana shi zama jijiya, ta kuma rage masa yin nasa Delta.

A farko duka maƙwabtan suna hana juna daidai wa daida. Amma da ɗaya ya ɗan fi sauran Delta, ko da bisa katari ne, sai ya fi danne su, su kuma su rage danne shi, ya ƙara ƙarfi. Ƙaramin bambanci ya girma har ya zama hukunci: ɗaya ya zama jijiya, na kewaye su zama fata. Ɗan tayin ƙuda da ya rasa Noci yakan cika da jijiyoyi fiye da kima, fata ta yi ƙaranci, kuma ba ya rayuwa. A cikin kunnen mutum ma wannan hanya ce ke sa ƙwayoyin sel masu jin sauti su fito a warwatse cikin tsari, kowanne kewaye da masu tallafa masa.

Inda tutar Faransa ta gaza

Bayanin Wolpert ya yi aiki matuƙa, amma gwajin ɓeraye ya nuna iyakarsa. Ɓeran da aka cire wa Shh yana fitowa da ƙafa mai yatsa ɗaya ko abin da bai kai haka ba. Wanda aka cire wa Shh da Gili3 duka biyu kuwa, a gwajin da aka wallafa a 2002, ya fito da yatsu masu yawa fiye da biyar, dukansu masu kama da juna. Ma'ana, Shh ba shi ke ƙirƙirar yatsu ba. Yana tsayar da yawansu ne, yana kuma ba kowanne siffarsa. Abin da ke raba nama zuwa yatsa, sarari, yatsa, sarari, wani tsari ne daban, kuma binciken 2012 da 2014 ya nuna ya fi kama da abin da Turing ya lissafa: sinadarai masu zuga juna da hana juna suna iya haifar da zane mai maimaituwa ba tare da wani tushe a gefe ba.

A 2004 kuma aka bi zuriyar ƙwayoyin sel masu yin Shh a ƙafar ɓera, aka ga su ne da kansu suke zama yatsu biyu na baya da wani sashe na na tsakiya. Waɗannan ba daga nesa suke karɓar saƙo ba, a cikinsa suke zaune, kuma bambancinsu shi ne tsawon lokacin da kowanne ya yi a ciki. Yatsan gaba, takwaran babban yatsa, yana iya fitowa ko babu Shh. Don haka masana a yau suna ɗaukar gangare a matsayin mafarin tsari, wanda tsawon lokaci da hirar ƙwayoyin gado a tsakaninsu suke gyarawa har iyakoki su fita tsaf.

Idan saƙo ya kauce

Ƙwayar gadon Shh tana da makunni dabam-dabam, kowanne na wani sashen jiki. Makunnin hannu da ƙafa, wanda aka bayyana a 2003, yana can nesa da ita da kusan harafi miliyan ɗaya a kan zaren gado. Canjin harafi guda a cikinsa ya isa ya sa Shh ya kunnu a gefen gaba ma, ba baya kaɗai ba. Sakamakon shi ne gwajin Saunders da Gasseling ba tare da allura ba: ƙarin yatsa a ɓangaren babban yatsa. An ga wannan a wasu dangogin mutane, da kyanwoyi masu yatsu fiye da kima, da wani irin kaza mai laushin gashi da ke da yatsu biyar a ƙafa. A macizai kuwa makunnin ya lalace, kuma hakan na cikin dalilan rashin ƙafarsu.

Cindon da aka saba gani a ƙasar Hausa wani iri ne daban. Yana fitowa ne a gefen ƙaramin yatsa, sau da yawa ɗan tsiro ne marar ƙashi, yana bin dangi, kuma ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka fiye da Turawa. Gefen da ƙarin yatsa ya fito yana cikin abubuwan farko da likita ke dubawa, domin yana nuna ɓangaren tsarin da ya motsa. Cindo shi kaɗai, ba tare da wata alama a jiki ba, galibi ba ya nuna wata cuta.

Akwai kaucewar da ta fi wannan tsanani, domin Shh yana aiki a tsakiyar kai ma, inda yake raba ƙwaƙwalwar gaba gida biyu, yake kuma raba filin ido zuwa dama da hagu. A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka suka riƙa samun 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bincike ya gano tumakin sun ci wani tsiro na kan duwatsu wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Sinadarin da ke cikinsa, saikulofamin, yana kama Sumudind ya hana shi motsi, don haka Shh na nan amma ba a jin sa. Tunkiyar da ta ci tsiron a wasu kwanaki daban ba ta haifi irin wannan ba, domin kowane saƙo yana da ɗan taƙaitaccen lokacin da ake sauraronsa.

A ɗan Adam, tohon hannu yana ɓullowa wajen ƙarshen mako na huɗu bayan barbara, yatsu kuma sun gama rabuwa wajen mako na takwas. Cikin waɗannan makonni mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Maganin talidomaid, da aka riƙa ba mata masu laulayi daga 1957 zuwa 1961, ya sa an haifi jarirai fiye da dubu goma da naƙasa, da yawansu masu gajerun hannuwa ko ƙafafu, kuma sashen da ya lalace ya danganta da kwanakin da aka sha shi. Sinadaran dangin bitamin A da ake amfani da su wajen maganin ƙurajen fuska masu tsanani su ma suna da irin wannan haɗari, domin ɗan tayi yana amfani da ɗan'uwansu a matsayin saƙo. A 1982 Tickle da abokan aikinta suka sa wannan sinadari a gefen gaba na tohon fiffiken kaza, aka samu yatsun madubi, daga baya kuma aka gano yana yin haka ne ta hanyar kunna Shh a inda ba gurbinsa ba.